Na Taɓa Kuɗin Filin Maiɗakina, Yanzu Daga Gaisuwa Sai Abinci

Assalamu alaikum Anti. Ni malamin makaranta ne a nan Zariya, shekararmu tara da aure, 'ya'yanmu uku. Maiɗakina tana ɗinki a gida, tana kuma zubin adashi. Cikin shekara biyu ta tara naira dubu 900, ta ba ni ajiya a asusuna don a saya mata fili wajen Dakace. Da aka kwantar da mahaifiyata a Shika na ciri dubu 180, na biya wa ƙanena kuɗin makaranta dubu 140, na sayi waya ta dubu 120, akwai kuma wajen dubu 80 da ban san inda suka shiga ba. Duk sanda ta tambaya sai in ce kuɗinta na nan, sau ɗaya har na rantse. Da dillali ya kawo fili asirina ya tonu. Na faɗa mata na asibiti da na makaranta kawai. Ta ce "ba komai", amma sati uku ke nan daga gaisuwa sai abinci. Albashina dubu 145 ne. Yaya zan nemi gafararta? In faɗi sauran, ko in lallaɓa in cike ba ta sani ba? Ko in sa Hajiya ta ba ta haƙuri?

Wani magidanci, Zariya

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah Ya ƙara wa Hajiya lafiya, Ya kuma daidaita tsakaninka da iyalinka.

Da tambayarka ta tsakiya zan fara, domin sauran biyun a kanta suka rataya. Ka faɗa mata sauran, kuma kada satin nan ya ƙare ba ka faɗa ba. A lissafin da ka bar ta da shi, tana jin akwai dubu 580 a hannunka, alhali abin da ya rage dubu 380 ne. Wato ƙaryar ba ta zama tarihi ba tukuna, tana nan da ranta, kullum ka wayi gari ka gaisa da matarka kana sabunta ta. Ba a neman gafarar laifin da ake tsakiyar aikatawa. In ka je yau ka durƙusa ka yi kuka ta ce ta yafe, rabin laifi ta yafe, kuma ranar da ta gano ɗaya rabin, wannan durƙuson da kukan za su shiga jerin abubuwan da aka yaudare ta da su. Daga nan ba ka da sauran abin da za ka nuna mata ta yarda, domin ka riga ka kashe hawayenka a kan labarin da bai cika ba.

Shawarar lallaɓawa ka cike kuwa, ka dube ta da idon lissafi. Giɓin da kake ɓoyewa dubu 200 ne, ya fi albashinka na wata ɗungurungum. In gobe ta ce ka turo mata abin da ya rage, a ina za ka samo? Ko dai ka sake wata ƙaryar, ko ka ci bashi a ɓoye, ko ka faɗa hannun manhajojin rance na waya, waɗanda ruwansu ke da nauyi, kuma wasunsu in ka makara har mutanen da ke cikin wayarka suke aika wa saƙo. Ka ga sirrin da kake gudun mace ɗaya ta ji, sai ya isa kunnen shugaban makarantarku da surukanka a yini guda. Ni ina ma kyautata zaton ta riga ta hango. Matar da ke ɗinki tana riƙe lissafin yadi da zare da zubin adashi ba za ta ga sabuwar waya a hannun mijinta a lokacin da kuɗinta ke raguwa ba, ta kasa haɗa biyu da biyu. Mai yiwuwa shirun nan nata jira ne, tana so ta ga ko za ka kawo sauran da ƙafarka ko sai ta tono.

Na san ba da niyyar cuta ka fara ba. Mahaifiya a gadon asibiti, ana cewa a kawo kuɗin gwaji da magani yanzun nan, ga kuɗi a asusu, mutane kaɗan ne hannunsu ba zai kai ba. Kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 albashin malami ya daina kaiwa ƙarshen wata a gidaje da yawa. Amma ina so ka lura da inda abin ya karkace. Da a daren da aka kwantar da Hajiya ka ce mata, "Ga halin da ake ciki, ki ara mini dubu 180," ina jin da wuya ta hana ka, kuma da yau kana mata godiya ne maimakon neman gafara. Abin da ya hana ka tambaya kunya ce ta ɗa namiji, kada a ce ka gaza har ka koma cin gumin mace. Kunyar nan ce ta buɗe ƙofa. Da ka cira na farko ba wanda ya sani, na biyu ya zo da sauƙi, kafin a kai ga waya zuciya ta riga ta daina ganin kuɗin a matsayin na wani. Wannan kunyar za ta sake zuwa maka lokacin biyan bashin, shi ya sa nake so ka san fuskarta tun yanzu.

A addini maganar a fili take. Dukiyar mace tata ce, aure ba ya mayar da ita ta miji, kuma ciyarwa da tufatarwa da muhalli suna wuyanka ko da ta fi ka kuɗi. Abin da ta ba ka ajiya ce, kuma Allah Ya yi umarni da mayar da amana ga masu ita a Suratun Nisa'i aya ta 58. Daga lokacin da mai ajiya ya yi amfani da ita ba da izini ba, biyanta ya hau kansa, ko da a aikin alheri ya kashe. Ita kuwa rantsuwar da ka yi kana sane da cewa kuɗin ba su cika ba, ita ce malamai ke kira gamusa, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya ba ta da kaffara, sai tuba. Kada ka ɗauki hakan a matsayin sauƙi, nauyinta ne ya wuce a goge ta da azumin kwana uku. Tubar da ta shafi haƙƙin wani kuma ba ta cika sai an mayar da haƙƙin, ko mai shi ya yafe da daɗin rai, yana sane da ainihin abin da yake yafewa.

Don haka abu uku ne a gabanka, ƙanena, kuma kana ƙoƙarin ɗaure su a ƙulli ɗaya. Akwai bashin dubu 520, wanda biya ne maganinsa. Akwai yafiyar ƙarya da rantsuwa, wadda roƙo ne naka, bayarwa kuma nata, a lokacin da ta ga dama. Akwai kuma yarda, wadda ko ita kanta ba ta da ikon dawo da ita don ta so, sai ta ga abin da zai dawo da ita. Magidanta da yawa suna jin an ce "na yafe" sai su ɗauka bashi ya faɗi, yarda ta dawo, har su yi fushi in an sake tambayarsu. Mace tana iya yafe maka tsakaninta da Allah, ta ci gaba da bin ka kuɗinta, kuma ta ƙi sake ba ka ajiya, duk ba ta yi laifi ba.

Kafin ka buɗe baki, ka yi aikin takarda. Ka ciro bayanin shige da ficen asusunka tun daga ranar da kuɗinta suka fara shiga, ko ta manhajar banki ko ka je reshe su buga maka. Ka zauna da biro ka bi layi layi. Dubu 80 ɗin da ka ce sun ɓace, yawancinsu za ka gan su a nan: dubu biyar wajen mai POS, dubu uku na mai, gudummawar biki, katin waya, wanda ka tura wa aboki. Ka rubuta kowanne da kwanan watansa. Abin da ka kasa tunawa ka rubuta "ban tuna ba", kada ka ƙirƙira masa suna mai kyau don takardar ta yi kyan gani. In kuma cikin binciken ka ga jimillar ta wuce dubu 520, sabon adadin za ka kai mata. In akwai wani bashi da ba ka ambata mini ba, na abokin aiki ko na mai kanti ko na wata manhaja, ya shiga takardar. Abin da ya fi kashe yarda shi ne gaskiyar da ake tsiyayowa kaɗan kaɗan, yau a faɗi wannan, bayan wata guda wani ya ɓullo. Kowane sabon ɓullowa yana mayar da ita ranar farko. Sau ɗaya za ka faɗa, ka faɗa duka.

Sannan ka mayar mata da dubu 380 ɗinta kafin zaman, ko a farkonsa tana kallo. In tana da asusu ka tura, in ba ta da shi ku buɗe da sunanta, da lambar wayarta, alat ɗin ya riƙa shiga wayarta, lambar sirrin kuma kada ka nemi sani. Wayar nan ma ka sayar. Na san za ka faɗi a kanta, waya in ta fita daga kwali darajarta ta sauka, amma muddin tana hannunka, duk kiran da ka ɗauka a gabanta tana ganin dare nawa ta raba a kan keke. Kada ka sayar kafin ka faɗa mata, domin hakan ma wani shirin ne a bayan idonta. Ka ajiye ta a gabanta ka ce ga niyyarka.

Wajen zaɓen lokaci, ka nemi izini tukuna. Ka ce mata akwai maganar kuɗinta da ba ka gama faɗa ba, yaushe za ta iya sauraro. Bayan isha'i in yara sun yi barci ya fi, a zaune a falo ko tsakar gida. Kada ka kai maganar shimfiɗa, kada ta ɗauka wata buƙatar ce ta kawo ka. Kada kuma ka shigo da tsire ko atamfa a hannu. Tsarabar da za ka saya yanzu, a idonta da kuɗinta ka saya.

Kalmomin naka ne, amma ga irin abin da nake so ta ji: "Kin ba ni amana na ci. Na ce miki asibiti da makaranta ne kawai, ba gaskiya ba ne. Wayar nan da kuɗinki na saya, dubu 120, akwai kuma dubu 80 da na kashe a ƙananan abubuwa, ga takardar. Abin da ya rage dubu 380 ne, ga shi na mayar miki. Kin tambaye ni na yi miki ƙarya, har na rantse da Allah. Kin yi shekara biyu kina wahala, na sa kin ji kunya a gaban dillali. Dubu 520 bashi ne a kaina, zan biya. Ina roƙon ki yafe mini, amma ba sai kin ba ni amsa yau ba." Daga nan ka yi shiru. Shirun zai yi maka nauyi, bakinka zai so ya cike shi da bayani, ka daure.

Ka lura babu "amma" a inda ake kare kai a cikin maganar nan. Da zarar ka ce "amma kin san halin da Hajiya ta shiga", ka mayar da ita mai laifi, domin yanzu in ta ci gaba da fushi ta zama matar da ke ƙyashin jinyar surukarta. Haka "in na ɓata miki rai", kamar akwai shakka a ciki. Haka "sharrin shaiɗan ne" da "ƙaddara ce", waɗanda ke ɗauke laifin daga hannun da ya danna lambar sirri. Mafi muni shi ne "ai nawa da naki duk ɗaya ne", ko ka fara lissafa mata shekara tara da ka yi kana ciyar da ita. Wannan wajibinka ka sauke, ba a cire shi daga bashi. In ta tambayi dalili, ka ba ta na gaskiya a taƙaice: ka ji kunyar tambaya, daga baya ka ji tsoron faɗa. Kuma kada ka sake rantsuwa a wannan zaman, ko da "wallahi" ta zo bakin harshenka. Ka riga ka yi amfani da ita a inda bai dace ba, yanzu jin ta a bakinka tuna mata da wancan ranar zai yi.

Abin da zai biyo baya ba ni da tabbacinsa, kai ma ka shirya wa kowanne. Tana iya fashewa da kuka, tana iya faɗa maka maganar da ba ka taɓa ji daga bakinta ba, tana iya tashi ta shige ɗaki. Duk waɗannan sun fi "ba komai" alheri, domin wanda ke faɗa bai gama fid da rai ba. In ta ɗaga murya kada ka ce ta raina ka, ka bar ta ta amayar. In kuma nan take ta ce ta yafe har da kuɗin, ka yi godiya, amma kada ka karɓi yafiyar bashin a daren. Tarbiyyar 'ya'yanmu mata tana sa su faɗi haka don kunya ko don a wuce wurin, abin kuma da aka samu ta hanyar kunya ba daɗin rai ba ne. Ka ce mata za ka fara biya, in bayan wata uku ko huɗu tana nan a kan bakanta game da wani kaso, misali na asibiti, sai ka karɓa da hannu biyu. Na waya da na ƙananan kashe-kashe kuwa, ko ta yafe ina ba ka shawara ka biya.

Yanzu ga lissafin biya. A ce bayan ka sayar da wayar ka sayi ƙarama ta kira, dubu 80 suka rage, ka miƙa mata. Bashi ya koma dubu 440. In kana ba ta dubu 20 duk wata, wata 22 ke nan, kusan shekara biyu. Na san zuciyarka za ta so ka ce dubu 50 don ka nuna da gaske kake, amma a albashin dubu 145 da 'ya'ya uku, wata na biyu za ka karya alkawarin, alkawarin da aka karya bayan tuba kuwa ya fi laifin farko ciwo. Ka faɗi adadin da za ka iya ko a watan da yaro ya yi zazzaɓi. Abin da ya samu a sama, kuɗin lesin ko na duba jarrabawa, ka ɗora a kai don wa'adin ya ragu. Ka tura ranar da albashi ya shiga, kafin komai, ba tare da ta tuna maka ba. Duk watan da sai ta buɗe baki ta tambaya, ka mayar da ita mai bin bashi a gidan aurenta. In albashi ya makara, ka faɗa mata tun ranar da ya kamata ka biya, ka nuna mata cewa bai shigo ba.

Akwai tarkon da nake so ka kiyaye sosai. Kada dubu 20 ɗin nan su fito daga kuɗin cefane. In ka rage abin da kake bayarwa na abinci, ita ce za ta cike da kuɗin ɗinkinta, ka ga ta biya kanta bashin da take bin ka. Daga aljihunka za su fito: kuɗin data, shayin majalisa, gudummawar da kake bayarwa don kada a ce ba ka yi ba, ɗinkin sallarka na bana. Ku kuma rubuta, adadi da ranar biya da sa hannunku. In ta ce abin kunya ne miji da mata su yi takarda, ka tuna mata ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Takardar tana kare ta ne in ta Allah ta kasance a kanka, domin bashi ana fitar da shi kafin rabon gado, kuma ba za ta so ta tsaya gaban danginka tana da'awa da fatar baki ba.

Wani abu da za ta yi tunaninsa ko ba ta faɗa ba shi ne farashin fili. Filin da kuɗinta za su saya bana, da wuya su saya shi nan da wata 22. Ba za ku sharɗanta ƙari a kan bashin ba, wannan riba ce. Amma ya halatta mai biya ya ƙara don kansa a lokacin biya, ba da sharaɗi ba, Annabi (SAW) ma ya yabi masu kyautata biyan bashi. Ka riƙe wannan a ranka, kada ka yi alkawarinsa da baki. Abin da za ta yi da dubu 460 da ke hannunta yanzu kuwa, shawararta ce. Ko ta nemi rabin fuloti, ko ta yi magana da mai filin a kan biya kashi kashi, ko ta sa a jarin ɗinki. In ta nemi ra'ayinka ka bayar. In ta ce yayanta ne zai tsaya mata a cinikin, kada ka nuna ɓacin rai, kuma takardar filin da sunanta za a rubuta.

Batun Hajiya, a'a, kada ka sa ta. Ka duba matsayin da za ka jefa su biyun. Hajiya za ta ji cewa da kuɗin surukarta aka yi mata jinya ba da saninta ba, ta ji nauyi tana fama da jiki. Maiɗakinka kuma ba ta da bakin da za ta ce wa uwar mijinta ba ta haƙura ba, dole ta sunkuyar da kai ta ce ya wuce, ta koma ɗaki da ciwo biyu. Haƙurin da aka karɓo ta wannan hanyar tilas ne da aka sa wa rigar girmamawa. Shi ma ƙanenka ba shi da laifi, bai san daga inda kuɗin suka fito ba, kada ka bari haushin ya koma kansa. In wata rana maiɗakinka ta so Hajiya ta san ta taimaka a jinyarta, sai ka faɗa ta fuskar yabo, da izininta.

In kun zauna abin ya ƙi, ko ta ƙi zaman gaba ɗaya, ka rubuta mata abin da za ka faɗa, ka haɗa da takardar lissafin, ka ba ta ta karanta ita kaɗai. In sati biyu suka wuce ba motsi, lokacin mutum na uku ya yi, kuma Suratun Nisa'i aya ta 35 ta nuna hanya: mai sulhu daga danginka, mai sulhu daga nata. Ka bar ta ta zaɓi nata, ko yayanta ko gwaggonta ko malamar Islamiyyarsu. Kai kuma ka zaɓi mai riƙe sirri wanda zai iya ce maka ka yi laifi, ba wanda zai je ya yi mata wa'azin biyayya ba. Kada ka hana ta faɗa wa iyayenta da sunan rufin asiri, ita aka cuta, tana da haƙƙin samun wanda za ta jingina da shi. In ta tafi gida, ka ba ta kwana biyu ta huce, ka je biko da kanka, ka faɗa wa waliyyinta gaskiyar adadin, kada ka bar su suna zaton ƙaramin abu ne ya fito da ita.

Aiki mafi tsawo yana bayan an ce an yafe. Za ta riƙa tambaya: nawa ka saya, wa ya kira, me ya sa ka ciri kuɗi jiya. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Jumlar da za ta zo bakinka ita ce "ba kin ce kin yafe ba?", kuma duk sanda ka faɗe ta kana nuna mata cewa yafiyar kake so ta zama makullin bakinta. Ka ba da amsa da adadi, a sauƙaƙe, ko sau nawa ta tambaya. Mafi kyau ma ka riga ta. Albashi ya shigo, ka nuna mata alat ɗin, ku ware na abinci da na makarantar yara da na Hajiya da nata. Ku yanke wani adadi, a ce dubu 10, wanda duk abin da ya haura shi za ka faɗa mata kafin ka kashe. Wannan ba neman izini ba ne a kan dukiyarka, kuma ba zai dawwama ba, sanarwa ce daga mutumin da ya ɓata maganarsa yake son gyara ta. Ka kula da ƙananan maganganu ma, waɗanda ba su shafi kuɗi ba. In ka ce kana Kwangila, ya zama kana Kwangila. In ka ce za ka dawo bayan magariba kuma ka ga ba zai yiwu ba, ka kira. Da irin waɗannan take auna ko bakinka ya koma abin dogaro, domin su take iya tabbatarwa kullum.

Jarrabawar gaske za ta zo ranar da aka sake kiranka daga gida, ko maganin Hajiya ya ƙare, ko rajistar ƙanenka ta sabuwar shekara ta zagayo, kuma za ta zagayo kafin ka gama biya. Ka shirya mata tun yanzu. Ka tara 'yan'uwanka ku raba nauyin Hajiya, kowa da abin da zai riƙa kawowa duk wata, ka kuma faɗa wa ƙanenka iyakar abin da za ka iya bana tun da wuri, don ya nemi cikon. In duk da haka ka matsu, ka je wa maiɗakinka da baki, ka ce ga abin da ya taso, ko ta yarda ka ɗage biyan wannan watan. In ta ce a'a, ka karɓa ba tare da canza fuska ba, ka nema a wani wurin, ka kuma faɗa mata wurin wa ka nema da nawa.

Ita ma akwai abin da ke kanta, ko da yake ba yanzu za ka ɗaga shi ba. In aka yi wata shida kana biya a kan lokaci, ba wani ɓoyayyen abu da ya sake fitowa, amma kullum gori ne a gaban yara ko baƙi, kana da damar ka ce mata cikin natsuwa: ka yarda ta tambaye ka komai a ɗaki, amma kana roƙon kada a yi a gaban 'ya'ya. In hakan bai yi ba, ku koma wurin masu sulhun nan. Sai dai kada ka fara ƙirga mata kwanaki tun yanzu. Fara'arta za ta dawo ne a hankali, wata rana ta yi maka hira, washegari ta koma shiru don ta wuce ta gefen filin ko ta haɗu da dillalin. Ka ci gaba da gaishe ta, ka ci abincinta ka yi godiya, ka kama mata hidimar yara a daren da ɗinki ya yi mata yawa.

Gobe ka fara da ciro takardar banki, ka nemi zaman kafin Juma'a. In kun zauna ka sake rubuto mini yadda ta karɓi maganar, musamman in ta ƙi batun takardar bashi ko ta nemi a kira danginta, sai mu duba mataki na gaba. Allah Ya huwace maka abin biya, Ya sanyaya mata zuciya.